Maɓallan da Suke Ɓacewa Idan Kibod Ya Ƙanƙance

Cikakken kibod na kwamfutar tebur yana da maɓallai 104 a tsarin Amurka, 105 a na Turai. Daga wannan adadi masu ƙera shi suke ragewa.

Abin da ake fara yankewa shi ne rukunin lambobi na hannun dama, mai kama da kalkuleta, maɓallai 17. Saura 87 ke nan, shi ne ake kira TKL. Lambobin jeren sama suna nan daram, linzamin kwamfuta kuma ya samu fili kusa da hannu. Amma akawun da yake wuni yana shigar da alƙaluma a Excel zai ji a jikinsa.

Na kashi 60 cikin 100 kuwa, aski ake yi masa sosai, a bar maɓallai 61. Jeren F1 zuwa F12 ya tafi, kibiyoyi huɗu sun tafi, haka Delete da Home da End. Ayyukansu ba su ɓace ba, an ɓoye su ne ƙarƙashin maɓallin Fn. Mai son F2 don canja sunan fayil sai ya danne Fn, ya haɗa da 2. Kibiyoyi ne matsala, domin kowane kamfani da inda yake ajiye su, ga shi mai gyaran rubutu kullum yana buƙatarsu.

Shi ya sa na kashi 65, wanda ya dawo da kibiyoyi da Delete, ya fi dacewa da marubuci.