Kayan da wa'adinsu ya ƙare: yadda ake rubuta wa manajan kanti a dawo da kuɗi

Mai sayen madarar gari a babban kanti ba ya iya buɗe gwangwani ya shinshina kafin ya biya. Abin dogaronsa shi ne ranakun da kamfani ya buga a gindin gwangwanin: MFD, ranar da aka yi kayan, da EXP, ranar da wa'adinsu zai ƙare. Idan ya isa gida ya tarar ranar ta biyu ta wuce, cacar baki da yarinyar da ke karɓar kuɗi ba za ta biya masa buƙata ba, domin ba ta da ikon mayar da ko kwabo. Manaja ne ke da wannan iko, kuma takarda ce ke sa shi ya ba da amsa.

Ƙarfin wasiƙar yana kan ranaku biyu: wadda ke jikin rasit da wadda ke jikin kayan. In ranar ƙarewar wa'adi ta riga ranar saye, magana ta ƙare, kanti ya sayar da abin da bai kamata ya kasance a kan kanta ba. Saboda haka a karanta da kyau kafin a ɗauki biro. Wasu kamfanoni wata da shekara kawai suke bugawa, kuma a irin wannan yanayi akan ɗauka kayan suna nan lafiya har ƙarshen watan. A adana rasit, kada a yar da gwangwanin, a ɗauki hoton gindinsa yadda ranar da lambar rukunin kayan za su fito sarai. Da wannan lamba ce kanti zai gane cewa daga kwalin da aka kawo masa kayan suka fito.

A ce wata uwa ta sayi madarar a kan naira 8,500. Bayan ta sa adireshinta da kwanan wata a sama, ga yadda za ta rubuta:

"Zuwa ga Manaja. Yallaɓai, bayan gaisuwa, ranar 14 ga Mayu 2025 na sayi gwangwanin madarar gari mai giram 400 a kantinku a kan naira 8,500. Da na isa gida na ga an buga a gindinsa cewa wa'adinsa ya ƙare ranar 28 ga Fabrairu 2025, wato fiye da wata biyu kafin ku sayar mini. Ban buɗe shi ba. Na haɗo kwafin rasit da hoton gwangwanin mai nuna ranar da lambar rukuni. Ina neman a dawo mini da kuɗina cif-cif cikin kwana bakwai, kuma a kwashe sauran irinsa daga kan kanta, domin yara ake saya wa. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙorafi hukumar FCCPC da NAFDAC. Na gode."

Sai ta sa hannu, ta rubuta lambar wayarta.

A lura, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma ce da gangan aka yi ba, tunda wannan ba abin da za ta iya tabbatarwa ba ne. Ta faɗi abin da take so ƙarara. Wanda ya rubuta "a duba lamarin" kawai ya ba kanti damar sallamarsa da ban haƙuri. Kwafin rasit ta aika, ainihinsa yana hannunta. Ranar da za ta kai wasiƙar kuwa, ta je da kwafi biyu, a sa mata hannu da kwanan wata a kan ɗaya, shaidar cewa an karɓa.

Wani manajan zai nuna mata rubutun da ke ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Wannan rubutu bai fi ƙarfin doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi ko haɗari, kanti kuma ya musanya masa ko ya biya shi kuɗinsa. NAFDAC kuwa, tun kafa ta a 1993, ita ke sa ido kan abinci da magunguna, kuma tana da ikon ƙwace kayan da wa'adinsu ya ƙare.

Idan an riga an buɗe gwangwanin, a faɗi haka a wasiƙar, domin buɗewa ba ta canza ranar da ke gindinsa. In kuwa yaro ya sha ya kamu da amai ko gudawa, asibiti ne farko. A karɓi takardar likita a haɗa da wasiƙar, a riƙe sauran madarar a hannu, kada a miƙa wa kanti sai hukuma ta gani.