Ƙurar sukari da saƙon jami'in horo

Da misalin ƙarfe 7:15 na daren 7 ga Fabrairun 2008, matatar sukari ta kamfanin Imperial Sugar da ke garin Port Wentworth a jihar Jojiya ta Amurka ta yi bindiga. Mutum 14 suka rasu, wasu 36 suka jikkata. Ba gas ba ne ya fashe, ba kuma fetur ba. Ƙurar sukari ce, irin sukarin da ake zubawa a shayi.

Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta fitar da rahotonta a 2009, tare da ɗan gajeren bidiyo mai suna "Inferno: Dust Explosion at Imperial Sugar". Irin bidiyon nan ne jami'an horas da ma'aikata ke nunawa a masana'antun sukari da fulawa da abincin kaji. Sai dai kallo daban, aiki daban. Ana kunna fitila kowa ya girgiza kai, ya ce Allah ya kiyaye, ya koma bakin injinsa. Abin da ke mayar da kallon ya zama aiki shi ne imel ɗin da jami'in horo zai aika washegari, kuma a nan ne ake gane gwani.

A ɗauka jami'ar horo ce a wata masana'antar niƙa masara a Sharaɗa, cikin Kano. Tun daga kan saƙon ta faɗi buƙatarta: bidiyon ƙura, abubuwa huɗu da ake so a gama kafin Juma'a. Wanda bai buɗe saƙon ba ma ya san akwai aiki, akwai kuma wa'adi.

Taƙaitawarta ba ta wuce sakin layi guda ba, kuma dalilin haɗarin ta bi, ta bar hotunan wuta. A ƙarƙashin rumbunan sukarin matatar akwai wani bel na ƙarfe mai jigilar sukari. A 2007 aka rufe shi da faifan ƙarfe don kada datti ya faɗa cikin kaya, amma ba a sa masa na'urar zuƙe ƙura ba. A da ƙurar takan bazu a cikin ramin da bel ɗin yake. Yanzu sai ta taru a cikin akwati har ta yi kauri a iska. Masu bincike sun fi kyautata zaton cewa wani boris da ya ɗauki zafi ne ya kunna ta. Wannan fashewa ta farko ta girgiza ginin, ta karkaɗo sukarin da ya daɗe yana kwance a ƙasa da kan ƙarafan rufi da bututu, wutar ta bi shi ɗaki bayan ɗaki. Waɗannan fashe-fashen na baya su ne suka bankaɗe daɓen kankare, suka rusa bangaye, suka toshe wa mutane hanyar fita.

Sai ta ƙara jimla ɗaya da ta ɗaure labarin da gidansu: garin masara da na alkama da dusar shinkafa duk suna iya yin abin da sukari ya yi, muddin sun yi laushi, sun tashi a iska a wuri rufaffe, kuma sun haɗu da tartsatsi ko ƙarfe mai zafi.

Daga nan sai ayyuka, kuma kowanne da mai shi. Masu shara su daina hure gari da iskar kwamfaresa, domin hurawar ita ce ke tayar da ainihin gajimaren da ake tsoro. A yi amfani da injin zuƙa da aka ƙera don ƙura mai kamawa da wuta, ko tsintsiya mai laushi a share a hankali. Shugabannin shif su ɗaga kai su duba sama, kan ƙarafa da fitilu da bayan bututu, su rubuta abin da suka gani kafin Laraba. Makanikai su bi boris ɗin kowane bel, wanda ke ƙara ko zafi fiye da kima a tsayar da shi. Mai walda kuwa kada ya kunna wuta a ɗakin niƙa sai da takardar izini, bayan an share wurin tas.

A batun duba sama ne saƙon ya fi daɗewa, domin kalmar "tsafta" ba ta da ma'auni. Abin da wani ya kira tsaf, wani ƙazanta zai ce. Ƙa'idar da ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana bayarwa ga ƙura irin wannan ita ce kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, wajen 0.8, idan ya rufe kashi 5 cikin 100 na faɗin ɗakin, ya isa a tashi a share. A ɗakin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 400, wannan murabba'in mita 20 ne kacal, kuma ana lissafawa har da ƙurar da ke kan ƙarafan sama. Leburan da ba ya yawo da ma'auni sai ta ba shi gwaji mai sauƙi: in ka ja yatsa a kan ƙarfe ya bar sawu, ko kuma gari ya ɓoye launin fentin, to lokacin shara ya yi.

Saƙonni da yawa sukan lalace ne a wuri guda. Za a ce "kowa ya kula", a ce "a riƙa lura", sannan a nemi kowa ya amsa cewa ya karanta. Aikin kowa dai aikin babu kowa ne. Amsar "na gani" ma tana cika fayil ɗin ofis ne kawai, wani lokacin kuma ita ce takardar da za a zaro bayan haɗari a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifi. Ga kuma matsalar da wanda ke zaune a ofis kan manta: mai ɗinkin buhu da mai loda mota galibi ba su da imel ɗin kamfani. Don haka jami'ar ta umarci shugabannin shif su karanta saƙon da Hausa a farkon kowane shif, har da na dare, a kuma manna kwafi a bakin ƙofa.

Akwai iyakar abin da saƙo ga ma'aikata zai iya. Tsintsiya ba za ta gyara bel ɗin da aka rufe ba tare da na'urar zuƙe ƙura ba. Wannan aikin injiniya ne da kuɗin masu kamfani. Shi ya sa saƙon kirki kan ƙare da abin da hukumar gudanarwa ta ɗauka a kanta, da ranar da za ta cika shi, kamar gyaran na'urar zuƙa da atisayen ficewa daga gini. A Port Wentworth ba a yin irin wannan atisayen. Kuma ba rashin sani ba ne ya kashe mutanen: masu bincike sun tarar da takardar cikin gida ta 1967 da ta yi gargaɗi kan fashewar ƙurar sukari a matatar, shekara 41 kafin daren.