Me ya sa doka ta hana kamfani taimaka wa mai sayen hannun jarinsa?

A Dokar Kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA, wadda aka sabunta a shekarar 2020, akwai wata ƙa'ida da ta shafi duk mai niyyar sayen kamfani ko sayar da shi. Sashe na 183 ya hana kamfani, ko wani kamfanin da ke ƙarƙashinsa, bai wa mutum taimakon kuɗi domin ya sayi hannun jarin kamfanin. Taimakon kuwa bai tsaya ga tsabar kuɗi ba. Ya haɗa da kyauta, da rance, da tsaya wa mai saye a banki, da jinginar da kadarar kamfani saboda bashinsa. Haka nan, idan mutum ya riga ya ci bashi ya sayi hannun jarin, ba a yarda kamfanin ya dawo daga baya ya biya masa ba.

Tushen hanin shi ne, a idon doka kamfani daban yake, masu shi daban. Wanda ya bai wa kamfani kaya bashi ba zai iya bin masu hannun jari har gida ba, abin dogaronsa kawai dukiyar kamfanin. Idan aka kwashe dukiyar nan aka biya tsohon mai kamfani, to an bar masu bin bashi da ƙananan masu hannun jari da buhun da babu komai a ciki.

Mu ɗauki misali. A ce akwai wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke da kadarori na naira miliyan 300, ana kuma bin sa bashin miliyan 100. Abin da ya rage masa ke nan miliyan 200. Wani attajiri ya daidaita da masu kamfanin zai saye hannun jarinsu a kan miliyan 150, amma miliyan 30 kaɗai ke hannunsa. Sai ya ranto miliyan 120 daga banki. Da ya hau kujerar shugabanci, sai ya sa kamfanin ya biya masa bashin. Yanzu abin da ya rage wa kamfanin ya sauko daga miliyan 200 zuwa miliyan 80, alhali ko buhun shinkafa ɗaya bai shigo ba a madadin kuɗin. Attajirin ya sayi kamfanin da kuɗin kamfanin, manoman da suka kawo shanshera bashi kuwa su ne suka ɗauki kasadar ba da saninsu ba.

Sai dai dokar 2020 ta buɗe wata ƙofa da babu ita a dokar 1990. Kamfani mai zaman kansa, wanda ba ya tallar hannun jarinsa ga jama'a, yana iya ba da taimakon idan ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, kada taimakon ya rage dukiyar da ta saura bayan an cire basussuka, idan kuwa zai rage, to ya fito daga ribar da doka ta halatta a raba wa masu hannun jari. Na biyu, a amince da shi a babban taro da ƙuduri na musamman, wato da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Na uku, daraktoci su yi rantsuwa a rubuce a kan takardar da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta tsara, tun kafin a saki ko kwabo.

A misalinmu, idan ribar da kamfanin ya tara miliyan 40 ce, biyan miliyan 120 haramtacce ne ko da kowa ya amince a taro, domin ya zarce ribar da miliyan 80. Amma biyan miliyan 30 zai iya wucewa, muddin an yi ƙudurin da rantsuwar tukuna.

Akwai kuma abubuwan da hanin bai shafa ba. Bankin da ba da rance ita ce sana'arsa yana iya rantawa kamar yadda ya saba. Kamfani yana iya ranta wa ma'aikatansa, ban da daraktoci, domin su mallaki hannun jari a cikinsa.

Idan aka karya ƙa'idar, tara na hawa kan kamfanin da jami'an da ke da hannu, kuma jinginar da aka yi na iya rushewa a kotu, bankin ya rasa abin kamawa. Alamun ba su da wuyar ganewa: kadarar kamfani ta shiga jingina a makon da aka sauya masu shi, ko rance mai yawa ga sabon darakta ya bayyana a littafin kuɗi. Duk mai bai wa kamfani kaya bashi da ya ji an sayar da shi, ya dace ya sa a bincika masa a CAC, inda ake yi wa jinginar kamfanoni rajista, kafin ya ƙara sauke kaya.