Aya, Waƙafi da Waƙafi Mai Ruwa: Yadda Ake Warware Doguwar Jimla a Rubutun Tarihi

Malaman da ke duba takardun ɗaliban tarihi sun saba da wani irin ɗalibi. Ya yi karatu sosai, ya san shekaru da sunayen sarakuna, amma idan ka karanta amsarsa sai ka rasa wane ne ya kori wane. Sau da yawa ba ƙarancin sani ne ya jawo haka ba. Jimlarsa ce ta yi tsawo, ta haɗiye mutane huɗu da shekaru da dama, ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba.

Rubutun tarihi ya fi sauran rubuce-rubuce faɗa wa wannan rami, domin labari ne na abubuwan da suka biyo juna. A baka muna cewa "suka zo, suka zauna, sai aka yi kaza", murya da numfashi suna raba mana zancen. A takarda babu murya. Abin da ke tsaya mata shi ne aya (.), da waƙafi (,), da waƙafi mai ruwa (;). Ga irin jimlar da ake yawan gani a amsar tambaya kan mafarin jihadin ƙasar Hausa:

"A lokacin da Shehu Usman Ɗanfodiyo yake wa'azi a Degel jama'arsa suka yi ta ƙaruwa wanda hakan ya tayar wa sarakunan Gobir hankali inda Nafata ya kafa dokoki ya hana maza naɗa rawani ya hana mata yin lulluɓi sannan da ya rasu ɗansa Yunfa ya gaje shi inda ya umarce shi ya bar Degel shi da iyalinsa kawai amma ya ƙi rabuwa da jama'arsa sai ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 inda suka yi masa mubaya'a sannan ya tara runduna suka haɗu a Tabkin Kwatto a watan Yuni inda suka yi nasara a kansa kuma Alkalawa ta faɗi a 1808."

Jimlar ta haura kalma ɗari, kuma abubuwan da ta ambata duk sun faru. Amma dubi "ya gaje shi inda ya umarce shi". "Shi" na farko Nafata ne, na biyu Shehu ne. Wanda bai san labarin ba zai ɗauka Yunfa ya umarci mahaifinsa da ya rasu ya bar Degel. Haka kuma "ya tara runduna": wa ya tara? Sunan da ya fi kusa a zuciyar mai karatu shi ne na Shehu, alhali marubucin Yunfa yake nufi.

Fara da aya

Kuskuren da aka fi yi wajen gyara irin wannan jimla shi ne a bi ta ana yayyafa mata waƙafi. Hakan ba ya warkar da ita. Aikin farko na aya ne. Ɗauki biro, ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ka rubuta sunan mai aikin a samansa. Duk inda mai aiki ya sauya, ko lokaci ya yi tsalle, ko aka koma wani gari, nan ne gurbin aya.

A jimlarmu mai aiki ya sauya daga jama'ar Shehu zuwa Nafata, daga Nafata zuwa Yunfa, daga Yunfa zuwa Shehu, sannan ya dawo kan Yunfa. A ƙarshe kuma akwai tsallen shekara huɗu, daga 1804 zuwa 1808, wanda kalmar "kuma" ta lulluɓe shi kamar a rana ɗaya aka yi yaƙin Tabkin Kwatto aka ci Alkalawa. Kalmomin da suka ɗinke duk wannan su ne "inda", da "wanda hakan", da "sannan". Ka yi hattara da "inda" musamman. Sau huɗu ta fito, kuma biyun farko ba su nuna wani wuri ba, rataye zance kawai suka yi a jikin zance. Ka bar wadda ta biyo bayan Gudu, domin da gaske a Gudu aka yi mubaya'ar.

Aya tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Da zarar ka fara sabuwar jimla, sai ka ji "ya" kaɗai ba ta isa ba, dole ka kira mutumin da sunansa. Da haka ruɗanin "shi" yake gushewa.

Sannan waƙafi ya shigo

Bayan an yanka jimlar, sai a shiga cikin kowane yanki da waƙafi. Ayyuka uku ne suka fi shafar mai rubuta tarihi. Na farko, yana raba shimfiɗar lokaci da gundarin magana: "Da Nafata ya rasu, ɗansa Yunfa ya gaje shi." Idan babu waƙafin nan, ido yana iya karanta "ya rasu ɗansa" a haɗe kafin ya farga. Na biyu, yana jera ayyukan mutum ɗaya: "Nafata ya kafa dokoki, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yin lulluɓi." Nan babu buƙatar aya, tunda mai aikin bai sauya ba. Na uku, yana killace ƙarin bayani, kuma a nan waƙafi biyu ake sawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya: "Abdullahi, ƙanen Shehu, shi ya jagoranci rundunar." Ɗalibai kan buɗe da na farkon su manta da na biyun.

Wannan aiki na uku yana iya sauya gaskiyar tarihi ɗungum. Gwada waɗannan biyu:

"Sarakunan Hausa waɗanda suka tsira daga yaƙin sun koma wasu wurare."

"Sarakunan Hausa, waɗanda suka tsira daga yaƙin, sun koma wasu wurare."

Ta farko tana magana ne kan wasu daga cikinsu, kamar Makau na Zazzau da ya nufi kudu zuwa Zuba, da zuriyar sarautar Katsina da ta kafu a Maraɗi. Ta biyu kuwa cewa take yi dukkansu sun tsira, kuma ba haka aka yi ba: Yunfa ya rasa ransa a faɗuwar Alkalawa, Alwali na Kano ma an kashe shi a Burumburum. Kalmomin iri ɗaya ne, waƙafi biyu suka mayar da gaskiya kuskure.

Akwai kuma abin da waƙafi ba zai iya ba. Ba ya ɗaukar nauyin cikakkun jimloli biyu masu mabambantan masu aiki da lokuta. Idan ka rubuta "Shehu ya koma Gudu a 1804, Alkalawa ta faɗi a 1808", ka bar mai karatu yana laluben alaƙar da ba ka faɗa masa ba. Ko dai ka sa aya, ko ka kawo kalmar da za ta bayyana alaƙar.

Waƙafi mai ruwa: kaɗan, amma a muhallinsa

Wannan alama ta fi waƙafi ƙarfi, ba ta kai aya ba. Wuri biyu take aiki. Na farko shi ne tsakanin cikakkun jimloli biyu da kake son a auna su tare, kamar kaya biyu a kan sikeli. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙanensa da ɗansa, kuma ana iya rubuta shi haka: "Abdullahi ya riƙe ɓangaren yamma; Muhammadu Bello ya riƙe na gabas." Aya za ta yi aiki a nan, sai dai za ta raba abin da a zahiri shawara ɗaya ce mai fuska biyu. Gwajin yana da sauƙi. Cire alamar ka sa aya. Idan kowane ɓangare ya tsaya da ƙafarsa, ka sa ta daidai. Idan ɗaya ya zama guntun zance, kamar "saboda ya ƙi rabuwa da jama'arsa", to waƙafi ne gurbin ke nema.

Wuri na biyu shi ne jeri wanda kowane ɗansa yana ɗauke da nasa waƙafin. Tarihin tutocin jihadi cike yake da irin wannan. Dubi yadda jeri ke rikicewa da waƙafi zalla: "Sulaimanu, Kano, Ummarun Dallaje, Katsina, Yakubu, Bauchi, Buba Yero, Gombe." Baƙo ga labarin ba zai san ko Katsina ta Ummaru ce ko ta Yakubu ba. Ga shi da waƙafi mai ruwa: "Sulaimanu, a Kano; Ummarun Dallaje, a Katsina; Yakubu, a Bauchi; Buba Yero, a Gombe." Yanzu kowane mutum yana tare da ƙasarsa.

Abin da za a guje wa shi ne mayar da wannan alama mafaka. Wasu da suka gane ta sai su cire kowace "inda" su dasa ta a gurbin, jimlar nan ta kalma ɗari tana nan da tsawonta. Wasu kuma kan sa ta don kauce wa faɗin dalili. Idan kana ganin abu na farko ne ya haifar da na biyu, rubuta "saboda" ko "don haka", ka ɗauki nauyin hujjarka. Wannan shi ne ainihin abin da mai duba takardar tarihi yake nema.

Jimlar bayan gyara

"A lokacin da Shehu Usman Ɗanfodiyo yake wa'azi a Degel, jama'arsa suka yi ta ƙaruwa. Wannan ya tayar wa sarakunan Gobir hankali, har Nafata ya kafa dokoki, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yin lulluɓi. Da Nafata ya rasu, ɗansa Yunfa ya gaje shi. Yunfa ya umarci Shehu ya bar Degel da iyalinsa kawai; Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa. A Fabrairun 1804 suka yi hijira tare zuwa Gudu, inda jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a. Yunfa ya tara runduna, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni, jama'ar Shehu suka yi nasara. Yaƙin bai ƙare a nan ba. Sai a 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi."

Lura da waƙafi mai ruwa guda ɗaya da aka sa. Ya tsaya ne tsakanin umarnin sarki da ƙin malami, a daidai gaɓar da rikicin ya juya. Lura kuma da 'yar gajeriyar jimlar nan, "Yaƙin bai ƙare a nan ba." Babu ita a asali. Ayar da ta raba 1804 da 1808 ce ta tona giɓin, ta tilasta wa marubuci ya ce wani abu a kansa. Ɗalibi mai himma zai ga cewa nan ne wurin ambaton Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa a ƙarshen 1804.

Ba a ce kowace jimla ta zama gajeriya ba. Idan aka daddatse rubutu da aya bayan kowace kalma biyar, sai ya koma jerin kanun labarai, alaƙar da ke tsakanin abubuwa ta ɓace. Doguwar jimla tana da kyau matuƙar mai aiki ɗaya ne yake jan ta, kuma mai karatu bai ɓata a hanya ba.

Saboda haka, ɗalibi, kafin ka miƙa takardarka, karanta ta da murya a fili. Duk jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ka kai ƙarshenta, ko ka ci karo da "shi" da kai kanka sai ka yi tunani kafin ka gane wa ake nufi, ka tsaya ka yanka ta da aya, ka kira kowa da sunansa, sannan ka sa waƙafi. Malamai kuma, a daure a riƙa ɗauko jimla ɗaya irin wannan ana warware ta a allo tare da ɗalibai, maimakon a ja mata jan layi kawai a wuce.