Inuwar da ke ɓacewa a cikin ruwa: dabaru biyu na wasannin bidiyo da inda kowace ke gazawa

Duk wanda ya taɓa buga wasan bidiyo na zamani zai iya gwada wannan. Ya kai ɗan wasansa bakin titin da ruwan sama ya jiƙa, inda inuwar allon wani shago mai jar fitila ta fito fes a kan kwalta. Sai ya sunkuyar da kyamara ƙasa sannu a hankali. Da zarar allon shagon ya fice ta saman sikirin, inuwarsa a cikin ruwan ma sai ta gutsure, ta ɓace. Na'urar lafiyarta ƙalau. Dabarar da aka zana inuwar da ita ce ta zo iyakarta.

Tushen matsalar lokaci ne. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da kimanin kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ya gama kowane hoto, da haske da motsi da komai. Bin diddigin hasken da ke tashi daga kowane abu mai sheƙi ya fi ƙarfin wannan ɗan lokaci a yawancin na'urori. Shi ya sa masu ƙera wasanni suka dogara da dabaru biyu masu araha.

Ta farko ita ce wadda injin Unity ke kira `Reflection Probe`, Unreal kuma `Reflection Capture`. Mai tsara wasa yakan kafa wata kyamarar da ba a gani a tsakiyar titin, ta ɗauki hoto shida: gaba, baya, dama, hagu, sama da ƙasa, kowanne da faɗin digiri 90. A haɗa su kamar bangon akwati, a adana tun kafin wasan ya fito kasuwa. Idan ana wasa, kowane wuri mai sheƙi sai ya lissafa inda haske zai nufa in ya doke shi, ya ɗebo launi daga wannan akwatin. Aikin ba shi da nauyi, har wayar hannu tana iya ɗauka. Dabarar ta daɗe: Ned Greene ya bayyana hoton akwati mai fuska shida a 1986, kuma Half-Life 2 na 2004 cike yake da irinsa.

Amfaninta babba shi ne ta ga ko'ina, har abin da ke bayan mai wasa. Sai dai tsohon hoto ne. Idan mota ta wuce ta gaban shagon, ruwan ba zai nuna ta ba, domin ranar da aka ɗauki hoton ba ta nan. In aka kashe fitilar shagon a cikin labarin wasan, ja zai ci gaba da haskawa a kan kwalta. Ana iya sa kyamarar ta riƙa sabunta hotonta, amma hakan na nufin sake zana titin sau shida, shi ya sa akan rarraba aikin a kan hotuna da dama, inuwar ta riƙa zuwa a makare.

Gazawa ta biyu ta fi ɓoyuwa. Daga wuri ɗaya tak aka ɗauki hoton, amma ana amfani da shi ga duk faɗin titin. Kududdufin da ke gindin bangon shago da wanda ke can tsallaken hanya duka akwati ɗaya suke kallo, kamar komai yana can nesa mara iyaka. Sakamakon haka inuwar ƙofa ba ta haɗuwa da gindin ƙofar, kuma in mutum ya yi tafiya sai ta riƙa zamewa tare da shi. Sébastien Lagarde ya yaɗa wani gyara a 2012, lokacin aikin wasan Remember Me: a faɗa wa injin girman ɗakin a matsayin akwati, sai ya karkata inuwar ta dace da bango. A Unity sunan gyaran `Box Projection`. Yana aiki sosai a ɗaki mai kusurwa huɗu. A ɗaki mai lanƙwasa, ko mai ginshiƙi da tebur a tsakiya, sai a ga inuwar teburin ta manne a bango. Wanda ya hau dogayen benaye a Marvel's Spider-Man na 2018 ya ga irin wannan a tagogi: birni ne a cikin gilashin, amma ba ainihin ginin da ke tsallaken titi ba.

Dabara ta biyu ita ce ake gani a jerin saitin wasanni da sunan `Screen Space Reflections`, ko `SSR` a taƙaice. Ta shahara ne daga Crysis 2 na kamfanin Crytek a 2011. Ita ba ta ajiye komai. Takan jira na'ura ta gama zana hoton wannan lokacin, wanda ke zuwa da launin kowane ɗigo da kuma nisansa daga kyamara. Daga kowane ɗigo na ruwa sai a harba layi ta inda haske zai yi tsalle, a bi shi taki-taki a kan sikirin, ana kwatanta nisan layin da nisan abin da aka zana a wurin. Inda layin ya kutsa bayan wani abu, an ce ya doke shi, sai a kwafo launin wurin zuwa cikin ruwa. Sikirin mai 1920 da 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan biyu. In kowanne zai yi taki 32, lissafin ya haura miliyan 66. Don haka akan rage yawan ɗigon ko yawan takin, kuma daga nan ne ake samun inuwa mai tsaki-tsaki da ke rawa.

A wannan titin, `SSR` tana nuna motar da ke wucewa, da ƙafafun ɗan wasa daidai inda suka taɓa ruwa. Abin da dabarar farko ta kasa ke nan, kuma idan ta dace kyawunta ba ya misaltuwa.

Amma abin da ba ya kan sikirin, ba ta san da shi ba. Allon shagon da ya fice ta sama ya tafi da inuwarsa, kuma a gefen dama da hagu ma haka inuwa ke yagewa. Ƙarƙashin mota shi ne ya kamata ruwa ya fi nunawa, alhali kyamara daga sama take kallo, ba ta taɓa zana shi ba, sai a ga baƙin rami ko launin ƙofar motar ya miƙe kamar an ja shi. Nisan da aka adana kuwa na fuskar gaba ne kawai, bai faɗi kaurin abu ba. Injin sai ya yi ƙiyasi. In ya ƙiyasta da kauri, siririn turken fitila zai bar doguwar jela a ruwa. In ya ƙiyasta da siranta, layin zai tsallake shi, inuwar ta huje. A wasannin harbi, bindigar da ke hannun mai wasa takan rufe wani yanki na titi, sai a ga tabo mai siffarta a cikin ruwa. Madubin da ke fuskantar mai kallo shi ne mafi muni, domin duk abin da zai nuna yana bayan kyamara ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa madubin banɗaki a wasanni da yawa yake a fashe ko a dushe.

Mai wasa zai iya gane wacce ake amfani da ita. In juya kyamara kaɗai ya sa inuwa ta ɓace, `SSR` ce. In inuwar tana nan daram amma ba ta nuna mutane da motoci, ko ba ta haɗu da gindin abinta ba, hoton akwati ne. Yawancin manyan wasanni haɗa su suke yi: inda layi ya sami abin doka a ɗauki nasa, inda ya kusa bakin sikirin a narkar da shi cikin hoton akwatin. Ƙwarewar mai tsarawa tana wajen daidaita hasken biyun, domin in akwatin ya fi duhu ko ya fi haske, ɗinkin zai fito fili.

Tun 2018, katunan RTX na Nvidia suka kawo bin haske na gaske, kuma Battlefield V ya nuna wutar da ke wajen sikirin a jikin mota. Spider-Man: Miles Morales na 2020 a kan PlayStation 5 ya sa gine-ginen gaskiya a tagoginsa. Tsadar aikin ce ta sa har yanzu wayoyi da ƙananan kwamfutoci suke kan tsofaffin dabarun biyu, kuma ko a manyan na'urori akan koma ga hoton akwati don abubuwa masu nisa da wurare masu kaushi, inda inuwar dama a dushe take.