Farautar Kuskuren Lokaci a Gajeren Sakin Layi

Ɗalibai da yawa suna zubar da maki a aikin gyaran kuskure saboda suna duba kowace jimla ita kaɗai. Kunne zai iya amincewa da jimla, alhali ta saɓa wa wadda ta gabace ta. Karanta wannan sakin layi, akwai kurakurai huɗu a ciki:

“Jiya malaminmu ya kai mu Gidan Makama. Da mun shiga, sai mai yi mana jagora ya ba mu tarihin Sarki Muhammadu Rumfa. ’Yan ajinmu ne sun fi kowa tambaya. Bayan azahar za mu fito, muka bi ta Ƙofar Mata, inda masu rini suna tsoma yadi a cikin baba. Malam ya ce mako mai zuwa za mu hau Dala.”

Kafin ka taɓa komai, nemo kalmar da ta kafa lokacin labarin. A nan ita ce “jiya”, wato abin ya riga ya wuce. Sai ka ja layi a ƙarƙashin ƙananan kalmomin da suke zuwa kafin aikatau, irin su mun, sun, za mu da suna, domin a nan Hausa take nuna lokaci.

Kuskure mafi sauƙin kamawa shi ne “za mu fito”. Fitar da aka yi jiya ba ta shiga lokaci mai zuwa, kuma “muka bi” da ke gabanta ya tona asiri. Gyaran shi ne “muka fito”.

“Da mun shiga” ya fi wayo, don Hausa ce mai kyau a wani wurin. Idan ka ce “Da mun shiga za a rufe ƙofa”, ai ba a shiga ba tukuna. Tunda mu mun riga mun shiga, sai a ce “Da muka shiga”.

Sauran biyun dokarsu ɗaya. Bayan kalmomi irin su wanda da inda, ko tambaya da wa da me, ko idan an fito da wani abu gaba an ƙarfafa shi da ne ko ce, sun takan koma suka, suna kuma ta koma suke. Saboda haka, “’Yan ajinmu ne suka fi kowa tambaya”, da “inda masu rini suke tsoma yadi”. Gwada da kanka: kana cewa “Su wa suka zo?”, ba ka cewa “Su wa sun zo?”

To, “za mu hau Dala” fa? Kada ka taɓa ta. “Mako mai zuwa” ya buɗe sabon lokaci, don haka daidai take. Mai gaggawa zai mai da ita “muka hau”, ya ɓata abin da ba shi da aibu.

Idan ka gama, sake karanta sakin layin daga farko, kana tambayar kowane aikatau: yaushe aka yi ka?