Wayarka Ta Sanar Da Kai Ranar Da Sakamako Ya Fito

Duk gidan da ke da ɗalibin da ya zana WAEC ko NECO ya san yadda makonnin jira suke. Yaro ya buɗe shafin hukumar da asuba, ya sake buɗewa bayan azahar, dare ya yi ya kuma leƙawa, data tana ƙarewa babu labari. Ga masu yaɗa jita-jita a WhatsApp, kullum sai wani ya ce an saki sakamako. Alhali wannan gadin aiki ne da na'ura za ta iya yi, ta duba shafin a madadinka, in ta ga sabon abu ta turo maka saƙo a waya.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Wata 'yar manhaja tana ɗauko shafin da ka ba ta, ta ajiye kwafinsa. Bayan wani lokaci, a ce minti 15, ta sake ɗaukowa ta gwada da na baya. In iri ɗaya ne ta yi shiru, in sun bambanta ta aika saƙo. Akwai waɗanda suka riga suka haɗa wannan ga mai so, irin su Visualping da Distill, akwai kuma changedetection.io da mutum zai iya ɗorawa a kan tasa kwamfutar kyauta. Ka liƙa adireshin shafi, ka zaɓi tazarar dubawa, ka faɗi inda za a sanar da kai.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wajen zaɓen abin da za a sa wa ido. Shafin intanet yana sauyawa sau da yawa ba tare da an ƙara masa wani labari ba. Akwai kwanan wata a samansa, akwai tallan da ke juyawa, wani ma yana ƙirga yawan maziyarta a ƙasa. In ka ce a gwada shafin gaba ɗaya, to duk minti 15 wayarka za ta yi ƙara, sau 96 ke nan a yini, kuma kafin kwana biyu ka daina dubawa. Ranar da saƙon gaskiya ya zo sai ya wuce ka a cikin tarin na banza. Don haka ake ware wani ɓangare kaɗai na shafin, ko a ce wa manhajar ta nemi wata kalma.

Mu ɗauki misalin malamin da ke jiran wata jami'a ta fitar da sakamakon jarrabawar tantancewa ta ɗalibansa. Shafin labaran jami'ar da Turanci yake, kuma akwai layi biyu a cikinsa masu kalmar `result`, duka na bara. Abin da malamin yake so ya sani shi ne ranar da layi na uku zai bayyana. A kwamfuta mai Linux, layi huɗu sun isa:

```
curl -sf https://example.com/news > shafi.html || exit
grep -i "result" shafi.html > sabo.txt || exit
cmp -s sabo.txt tsoho.txt || sh aika.sh
cp sabo.txt tsoho.txt
```

Layin farko yana ɗauko shafin, in bai samu ba ya haƙura. Na biyu yana tsamo layukan da ke ɗauke da kalmar kaɗai, ya watsar da talla da kwanan wata. Na uku yana gwada su da na dubawar baya, in akwai bambanci ya tashi `aika.sh`, wato fayil ɗin da ke tura saƙo. Na huɗu ya mayar da sabon kwafi ya zama tsoho. Sai a sa `cron` ya riƙa maimaita wannan da tsarin `*/15 * * * *`. A karon farko babu tsohon kwafi, saboda haka saƙo zai fita nan take, wanda hakan ma gwaji ne mai kyau.

Wannan `exit` da ke ƙarshen layi biyu na farko yana da muhimmin aiki. Ranar da ake sa ran sakamako jama'a suna yi wa shafi rubdugu har ya gaza, ya dawo da kuskure irin 503, ko ya nuna sanarwar ana gyara. Manhajar da ba a koya mata bambancewa ba za ta ga shafin ya sauya, ta tayar maka da hankali da tsakar dare a banza. Mafi muni, ta ajiye shafin kuskuren a matsayin kwafi, in shafin ya dawo daidai ta sake turo wani saƙon ƙaryar.

Tura saƙon kansa hanya biyu ce. Mai sauƙi kuma kyauta ita ce Telegram: ka yi magana da BotFather a cikin manhajar, ya ba ka lambar sirri, da ita za ka riƙa aika wa kanka ko rukunin iyaye saƙo. Matsalarta sai da data. Saƙon tes kuwa yana isa har ƙaramar wayar da ke aljihun baba a ƙauye, amma sai an bi ta kamfanin tura saƙonni irin su Termii ko Africa's Talking ko Twilio, kuma kowane saƙo da kuɗinsa. Nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, tsarin rubutun ya sauya, iyakar ta koma 70. Saƙon da ka ɗauka ɗaya ne sai a caje ka kuɗin biyu ko uku. A gajarta shi: sunan makaranta, abin da ya fito, da adireshin shafi. Sannan a Najeriya layin da ya kunna tsarin hana saƙonnin talla ta lambar 2442 yana iya ƙin karɓar saƙon in kamfanin ya turo shi ta hanyar talla, don haka a gwada da ainihin layin da zai karɓa tun kafin ranar.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Wannan dabara tana gaya maka an saki sakamako ne, ba ta gaya maka makin ɗanka. Shafukan duba sakamakon WAEC da NECO suna neman lambar jarrabawa da lambar sirrin da aka saya, kuma sau ƙalilan aka yarda a yi amfani da ita. Ban ga hikimar miƙa wa wata manhaja waɗannan lambobi ba, balle wani baƙon da ya ce zai duba maka. Shafin sanarwa na kowa da kowa shi ake gadi. JAMB ma tana da tata hanyar, ɗalibi ya tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 daga layin da ya yi rajista da shi. Kuma kada a matsa wa shafin mutane da dubawa duk daƙiƙa biyar, za su iya toshe ka, ga shi kana ƙara wa shafin nauyi a ranar da kowa ke buƙatarsa.

Wasu shafukan kuma fanko suke zuwa, sai burauza ta buɗe su sannan rubutun ya cika. Za ka gane haka in ka buɗe `shafi.html` ka nemi kanun labarin da idonka ke gani a waya ka rasa. Irin waɗannan sai manhajar da ke buɗe shafi da burauza ta gaske, kamar Distill.

Matsalar da ta fi ba ni tsoro ita ce shiru. An ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu, ko kuɗin tura saƙo ya ƙare, ko jami'ar ta mayar da sanarwarta wani sabon adireshi, kai kuma kana zaune kana zaton ba a saki komai ba. Maganinsa shi ne a sa manhajar ta turo ɗan gajeren saƙo kowace safiya, ko da babu sauyi, ta faɗi lokacin da ta duba shafin na ƙarshe da yawan layukan da ta gani. Safiyar da saƙon bai zo ba, ko ya zo da sifili, ka buɗe shafin da hannunka ka duba.